A Bi Sawu

Saƙon ya same ta a barandar asibiti, tana riƙe da ledar magani a hannu ɗaya, kwanon abincin Mama a ɗayan. Daga akantar otal ɗin da take bi da ciniki ne, layi biyu, babu sallama. Sun ga takardar farashi, sun gode, an miƙa wa kwamitin saye, za a nemi farashin wasu kamfanoni biyu kamar yadda dokarsu ta ce.

Zakanya ta karanta, ta sake karantawa. Ba ta aika wa kowa takardar farashi ba. Kwananta uku ba ta ma buɗe kwamfuta ba.

"Auta, karɓi nan." Ta tura wa ƙanwarta ledar da kwanon. "Idan Mama ta farka ki ce na je na dawo."

"Yaya, ina kuma? Likita ya ce zai zagayo."

"Zan je in ci mutuncin wani ne. Ba zan daɗe ba."

A tasi ta yi ta kiran ofis, ana ɗauka tana kashewa. Ta fi son ta ga fuskar mutumin. Wata huɗu tana bin otal ɗin nan. Injinan wankinsu sun tsufa, zannuwan gado na fitowa da ɗanshi, kamfanin su Zakanya kuma injinan wanki manya yake sayarwa, irin waɗanda ke cinye labule goma a lokaci guda. Cinikin nan shi ne nata na bana. Da shi za ta cika adadin da aka ɗora mata, ba tare da shi ba kuwa sunanta zai sauko ƙasan allon da ke rataye a ofis, wurin da ba ta taɓa zama ba tun da ta fara aiki.

Ta hau bene ba ta jira lif ba. Ofishin masu talla ɗaki ɗaya ne dogo, tebura a jere, kowa da abin sauraro a kunne. Ba ta tambayi kowa ba. Da ta shigo idanu suka juya gefe guda, ta bi inda suka kalla.

Dogo na zaune ya miƙe ƙafafu har ƙarƙashin teburin maƙwabcinsa, yana tsoma biskit a shayi.

"A'a, Anti, sannu da zuwa. Ya mai jiki?"

"Kai ka taɓa mini otal?"

"An ce in riƙe miki kwastomominki kafin ki dawo. Na ma yi miki aiki, na tura musu farashi har da rangwame. Ki ce na gode kawai, ba sai kin saya mini komai ba."

Ta ajiye wayarta a gabansa da ƙarfi har shayin ya fantsalo. "Karanta."

Ya karanta. Biskit ɗin ya karye ya nutse a kofin.

"To ai wannan ba laifi ba ne. Sun kai kwamiti, ci gaba ne."

"Ci gaba. Ka ɗauki ciniki da ni kaɗai ke cikinsa ka jefa shi kasuwa, ka kira masu araha su zo su yi mana rububi, kana ce mini ci gaba. Tsawon nan naka duk a ƙafa ya ƙare, babu abin da ya kai kai?"

Wani ya yi dariya a ƙarshen ɗakin, ya mayar da ita tari.

Dogo ya naɗe ƙafafunsa ya miƙe, sai da ta ɗaga kai kafin ta ga fuskarsa. "Anti, ina ganin girmanki. Kada ki zage ni a gaban mutane."

"A ina kake so in zage ka? Faɗa mini wurin, in same ka a can."

Ƙofar gilashi ta buɗe. Manaja ya leƙo, tabarau a goshi. "Ku biyun. Ciki."

Ofishin Manaja ƙarami ne, na'urar sanyaya ɗaki na ɗiga a cikin wani bokiti. Bai ce su zauna ba. Ya saurari Zakanya har ta gama, kuma ta daɗe ba ta gama ba. Ta faɗi wata huɗun, ta faɗi zirga-zirgar, ta faɗi cewa akantar da bakinta ta roƙe ta kada a turo farashi a rubuce sai injiniya ya je ya duba ɗakin wankinsu. Dokar otal ɗin ce. Da zarar takardar farashi ta shiga akwatin saƙonsu, magana ta bar hannun akanta, dole kwamiti ya nemi wasu biyu ya gwada. Amma idan rahoton injiniya ya riga shiga, ya nuna kamfani ɗaya ne zai iya girka injin a wurin ya kuma kula da shi, akanta na da ikon kai wa mai otal suna guda.

"Ta gaya miki haka?" in ji Manaja.

"A waya, ranar da muka yi doguwar hira."

"Kai ka sani?"

"Daga ina zan sani, ranka ya daɗe?" in ji Dogo. "Abin da na gani a rumbu na bi."

Manaja ya sauko da tabarau, ya juyo da kwamfutarsa ta fuskance su. Rumbu shi ne sunan da suke kiran manhajar da kamfanin ke ajiye bayanan kwastomomi. Duk wayar da mai talla ya yi, na'ura na naɗa ta mayar da ita rubutu, shi kuma mai tallar ya taƙaita ta a gurabe huɗu, don duk wanda ya buɗe ya san inda aka tsaya. Manaja ya buɗe shafin otal ɗin ya karanta a hankali, da irin muryar da ake karanta sakamakon jarrabawar ɗan da ya faɗi.

"Ƙorafin mai saye, ba wani sosai. Kasafin kuɗi, ana magana. Masu yanke hukunci, mai kula da otal. Mataki na gaba, a bi sawu." Ya ɗago. "Wa ya rubuta wannan?"

"Ni ce."

"Hira ta kusan awa guda, abin da kika samo ke nan?"

"Cikakken rubutun hirar na maƙale a ƙasa. Da ya buɗe da ya gani. Makaho ne?"

"Shafi nawa ne?" in ji Dogo. "Kwastomominki goma sha wani abu aka zuba mini a kan nawa. In zauna in karanta surutun kowa tun daga ina kwana? To meye amfanin taƙaitawar? Rumbu ya nuna mini ja, ya ce ranar bin sawu ta wuce. Na duba ƙorafi, babu. Na duba kasafi, ana magana. Mutumin da ba shi da ƙorafi kuma ana maganar kuɗi, me ya rage a ba shi in ba farashi ba?"

"Ka kira ni mana."

"Na kira, a kashe take."

"Ana yi wa uwata aiki, in bar waya a kunne saboda kai?"

"Allah ya ba ta lafiya. Amma ba ni na rubuta a bi sawu ba."

 Zakanya ta san dalilin da ya sa ta rubuta haka, su ma sun sani. Haka take rubuta na kowane kwastoma mai nauyi, ta zuba kalmomin da ba su ce komai ba, ainihin maganar ta bar ta a kanta. Ta kuma san babu mai haƙurin karanta doguwar hira, don haka abin na nan a fili amma a ɓoye.

"Ranka ya daɗe, tunda ana so in faɗa, bari in faɗa. Bara na rubuta komai a kan makarantar kwanan nan, har da sunan wanda ke sa hannu da lokacin da yake ɗaukar waya. Na tafi hutu mako ɗaya. Na dawo na tarar an kammala ciniki da sunan wani, ka tsaya a gaban kowa kana tafa masa. Me ka ce mini a lokacin? Ka ce kwastoma na kamfani ne. To na ji. Tun daga ranar na koyi rubutu."

"Wancan ya bar aiki," in ji Manaja.

"Da kasona ya tafi."

"Ni ban ɗaukar miki komai ba," in ji Dogo.

"Kai ba ka iya sata ba, ɓarna ka iya."

Manaja ya bugi tebur da tafin hannu sau ɗaya. "Ya isa. Ga yadda za a yi. Otal ɗin nan ba zan bari ya tafi don ke kina fushi da bara, shi kuma yana ƙyuyar karatu ba. Ku je ɗakin taro ku buɗe hirar nan, ku cike guraben nan huɗu yadda ya kamata. Ku biyu. Kafin a tashi in ga abin da zan iya aiki da shi. In ban gani ba, na cire sunanki daga kai, na riƙe shi da kaina."

"Da shi zan zauna?"

"Ko ki koma asibiti, in ba shi shi kaɗai. Zaɓi."

Ɗakin taro na warin abin goge tebur. Dogo ya haɗa kwamfuta da babban allon bango, rubutun hirar ya fito, kowane layi da sunan mai magana a gefe. Mutum uku ne a kiran, ita, mai kula da otal, da akanta. Zakanya ta zauna a kujerar da ta fi nisa da shi, ta harɗe hannu.

"Fara da ƙorafi," ta ce. "Ka yi ƙasa. Ƙasa. Kai, wannan duk gaisuwa ce."

"Mai kula da otal ɗin nan shafi uku yana ba da labarin yadda ya gyara wurin ninkaya."

"Sarkin Surutu ke nan. Wuce."

Dogo ya tsaya a wani wuri. "Ga shi nan. Ya ce kayanku da tsada. Ƙorafi na ɗaya, farashi. Kin gani? Rangwamen da na yi bai tafi a banza ba."

"Karanta abin da ya biyo baya."

Ya karanta. Sarkin Surutu ya ce da tsada, ya yi dariya, ya koma labarin ninkaya. Babu wanda ya sake ɗaga maganar.

"Wannan ba ƙorafi ba ne, al'ada ce," in ji ta. "Ko ruwa ka ba shi kyauta sai ya ce da tsada. Ƙorafi shi ne abin da in ba a warware ba ba za a saya ba. Je wurin da matar ta fara magana."

Akantar ba ta ce komai ba sai can tsakiyar hirar. Dogo ya karanta da ƙarfi. Injin da suka saya a baya daga wani kamfani ya taɓa tsayawa ana tsakiyar cikar baƙi, mai gyara bai zo ba sai bayan mako biyu, suka riƙa ɗaukar zannuwa a mota ana kai wa masu wanki a gari. Ta tambaya, idan naku ya tsaya, wa zai zo, kuma yaushe? Can gaba ta sake tambaya, kayan gyaran a nan kuke ajiye su ko sai an yi oda? Kusa da ƙarshe ta koma kai, tana so a rubuta lokacin zuwan mai gyara a cikin yarjejeniya.

Dogo ya jingina da kujera. Sannan ya ce, "Ni takardar da na tura babu maganar gyara ko layi ɗaya."

"Na sani. Ka amsa tambayar da ba a yi ba, ka bar wadda aka yi. Rubuta. Babban ƙorafi, tsoron jinkirin gyara, saboda abin da ya same su a baya. Suna son lokacin zuwan mai gyara a rubuce, da tabbacin kayan gyara na kusa. Na biyu, ƙofar ɗakin wankinsu ƙarama ce, suna shakkar babban injin zai shiga. Ka sa cewa akanta ce ta faɗa. Maganar tsada ka sa ta a ƙarshe, ka ce mai kula da otal ya ambata sau ɗaya bai nace ba."

Ya rubuta, yatsunsa na dukan madannai kamar su suka yi masa laifi.

"Da kin rubuta wannan tun farko, Anti, da yanzu ina shan shayina."

"Da ka karanta, da yanzu ina gaban uwata. Kasafi."

Ya yi ƙasa, ya samu adadi ya nuna da yatsa. "Ga kuɗin injin huɗu. Shi na bi da na duba tsohon lissafinki a rumbu, shi ya sa na tura na huɗu."

"Dubi gefen layin. Wa ya faɗa?"

Ya duba. "Ke."

"Ni na ce ɗakin wanki irin nasu huɗu yake buƙata. Bakina ne, ba aljihunsu ba. Abin da mai sayarwa ya faɗa ba ya shiga gurbin kasafi. Me ta amsa?"

Akantar ta ce abin da aka amince musu bana na injin biyu ne da na busarwa ɗaya, sauran sai shekara mai zuwa in waɗannan sun yi kyau. Ba ta faɗi adadin kuɗi ba, Zakanya ta tambaya ta kauce.

"To haka za ka sa. An amince da biyu da na busarwa ɗaya bana, ba ta faɗi adadi ba, akwai yiwuwar ƙari baɗi. Kada ka ƙirƙiro mini lamba."

"Wato na tura musu ninkin abin da za su iya."

"Ka tura musu abin da zai sa kwamiti ya ce mu ɓarayi ne."

Dogo ya ture kwamfutar. "Kin san me ke ba ni haushi? Kin iya. Kin fi kowa iyawa a ofishin nan. Kina zaune da wannan duka a kanki, kika rubuta ana magana. Sannan ki zo ki ce kaina babu komai a gaban yaran da nake koya wa aiki. Ni ma ina da iyali, Anti. Ni ma sunana na kan allon nan."

"Kuka za ka yi? In miƙo maka hankici?"

"Ba zan yi ba. Amma ki sani, ko an gyara ko ba a gyara ba, sai kin janye maganar nan a inda kika yi ta."

"Sai ka jira. Masu yanke hukunci."

Ya ja kwamfutar ya dawo da ita. "Kin sa mai kula da otal. Shi na tura wa, na haɗa da akwatin saƙon ofishinsu."

"Ba ya yanke komai. Nemo inda na tambayi wa ke sa hannu."

Sarkin Surutu ya amsa da cewa komai a hannunsa yake. Layi biyu a ƙasa akanta ta ce ita ke tantance duk sayayya mai girma ta kai wa mai otal, mai otal ke sa hannu, kuma ba ya sa hannu a kan inji sai shugaban masu gyaransu ya ce to.

"Mutum uku ke nan," in ji Dogo.

"Huɗu da kwamitin da ka tayar daga barci. Mai otal, sa hannu na ƙarshe, ba mu taɓa magana da shi ba. Akanta, ita ke kai magana, tana tare da mu, ko in ce da tana tare da mu. Shugaban masu gyara, zai iya hanawa, ba mu gan shi ba. Mai kula da otal, mai amfani da kayan ne, a girmama shi, kada a dogara da shi."

"In rubuta Sarkin Surutu?"

"Rubuta mana, in ya so wata rana a tura masa bisa kuskure, ka ƙarasa mu."

Saura gurbi na huɗu. A ƙarshen hirar maganar na nan ƙarara, injiniya ya zo ya auna ƙofa da wuta da magudanar ruwa, ya rubuta rahoto, kada a turo farashi kafin nan. Dogo ya karanta layin, ya shafa fuska.

"Wannan matakin ya mutu," in ji shi.

"Ka kashe shi. Yanzu babu abin da za a rubuta a nan sai an ji daga bakinta. Mataki ba abin da muke fata ba ne, abin da aka yarda da shi ne, da mai yi da rana." Ta jawo wayar tebur. "Ka yi shiru. Ko numfashi kada in ji."

Akantar ta ɗauka a bugu na biyu. Muryarta a sanyaye take, irin sanyin da ya fi faɗa ciwo.

"Abu ɗaya na roƙe ki."

"Haka ne. Ina asibiti da mahaifiyata, wani abokin aikina ya..."

"Allah ya ba ta lafiya. Amma ni ba da abokin aikinki na yi magana ba. In gaya miki abu a waya ana naɗa, ku kasa gaya wa junanku a cikin ofis ɗaya? To in injin ya tsaya na kira ku, haka saƙon zai ɓace tsakanin tebur da tebur?"

Zakanya ta danne abin da ya taso mata. Dogo na kallon silin.

"Ba za a iya janye takardar ba?"

"Ta shiga rajista. Mai kula da otal har ya kai wa mai gida da hannunsa, yana murna ya samo rangwame. Injin huɗu. Mai gida ya tambaye ni ko na haukace."

"Kwamitin ya rubuta sharuɗɗan da zai aika wa sauran kamfanonin?"

 "Jibi za su zauna."

"To ki ba ni abu ɗaya. Injiniyanmu ya zo kafin su zauna, ya auna ƙofar nan, ya zauna da shugaban masu gyaranku. Ba na ce ki ba mu ciniki ba. Ku dai ku san abin da za ku tambayi kowa, girman da zai shiga, da awa nawa mai gyara zai ɗauka kafin ya iso, da inda kayan gyara suke. Ku sa wa kowa sharaɗi ɗaya, mu ma mu sake turo farashin biyu da na busarwa a kan sharaɗin. In wani ya fi mu a nan, ku saya a wurinsa."

"Kin san babu wanda ke da masu gyara a garin nan sai ku."

"Na sani. Ke ma shi kika tambaya tun farko."

Akantar ta ja numfashi. "Gobe da safe, ƙarfe tara. Shugaban masu gyara zai tafi wani reshe da rana, ba zai dawo ba sai bayan zaman. Kuma injiniya kaɗai ba zai wadatar ba, a zo da wanda zai iya amsa maganar yarjejeniya. In kun makara kada ku kira ni."

Ta kashe.

Dogo ya saki numfashi. "Anti, wallahi ke..."

"Kada ka yabe ni, raina zai ƙara ɓaci. Rubuta. Ziyarar injiniya, gobe ƙarfe tara, ɗakin wankin otal, tare da shugaban masu gyaransu. Manufa, awo da sharuɗɗan gyara kafin zaman kwamiti jibi. A ƙasa ka sa da manyan baƙaƙe, kada a sake tura wani farashi sai sharuɗɗan kwamiti sun fito."

"Saura mai yi."

Ta buɗe baki, wayarta ta yi ƙara. Auta ce.

"Yaya, likita ya zo. Ya ce ɗinkin bai yi masa ba, gobe da safe za su sake shiga da ita su duba. Ya ce babbar 'yarta ta zo ta sa hannu, kuma ta tsaya har a fito. Mama sai tambayarki take."

"Ƙarfe nawa?"

"Ya ce tara, ko kafin nan."

"Ba za a iya ɗagawa zuwa rana ba?"

"Yaya."

"Na ji. Ina zuwa."

Ta ajiye wayar a hankali. Dokar kamfanin kowa ya san ta, duk mai tallar da ya jagoranci ziyarar injiniya sunansa ya hau kan cinikin, a raba ladan biyu. Ta tashi ta buɗe ƙofa ta nufi ofishin Manaja, ba ta ƙwanƙwasa ba.

"Ranka ya daɗe, kai za ka je gobe."

Ya riga ya buɗe shafin yana karanta abin da suka cike. Bai ɗago ba. "Ina da taron shugabanni. Wannan taƙaitawar ta yi. Duk wanda ya karanta ta zai iya zuwa."

"Abin da nake gudu ke nan."

"Na sani. Ki tura Dogo, ko ki kira matar ki ce ba za ku zo ba."

"Ya ɓata abu, a ba shi rabin lada?"

"Ku biyu kuka ɓata. Shi ya riga ya san hirar, ya san inda ya yi kuskure, ba zai sake ba. In kina da wani da ya fi shi, kawo."

Ta tsaya tana kallon bokitin da ruwa ke ɗiga ciki. Ta lissafa mutanen ɗakin can ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya karanta layi ɗaya na hirar. Ta fita ta bar masa ƙofa a buɗe.

Dogo na nan inda ta bar shi, hannunsa a kan madannai bai rubuta komai ba.

"Ni ban roƙa ba," in ji shi.

"Matsa."

Ya matsa. Ta sunkuya ta rubuta sunansa a gurbin mai yi da yatsa ɗaya, ta danna ajiye.

"Saurara da kyau. Ka isa kafin lokaci. Ka gaishe da Sarkin Surutu, ka bar shi ya yi labarin ninkayarsa, kada ka yi masa alkawarin komai. Shugaban masu gyara shi ne aikinka, ka bar injiniya ya yi magana da shi da yarensu. In akanta ta tambayi lokacin zuwan mai gyara, kada ka faɗi abin da sashen gyara bai amince ba, ka je yanzu ka karɓo a rubuce. Kalmar rangwame ta fito daga bakinka, sai na zare maka harshe. Kuna fitowa ka rubuta abin da aka yi a rumbu, duka, zan karanta daga asibiti."

"Duka, Anti? Ba ana magana ba?"

Ta dube shi har ya sauke ido.

"Maganar da kika yi a gaban yara fa?" ya ce a hankali.

"Ka dawo da cinikin, sai in duba ko akwai abin da ya kai kan naka."

Ta ɗauki jakarta. A babban ɗaki kowa ya duƙufa a kan aikinsa fiye da kima. Ta wuce su, ta danna lif, bai zo ba, ta bi matakala tana kiran Auta.

"Ki ce wa Mama ga ni nan. Kuma ki tambayi likitan nan wace takarda ce zan sa wa hannu, ina so in karanta ta tun daga farko har ƙarshe kafin gobe."